Ɗafin Turkanci maƙwabcinsa na hagu yake kallo

*Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Turkanci don zan tafi karatu Turkiyya. An ce mana ɗafi yana bin wasalin kalma, to me ya sa ake cewa gözüm, idona, amma gözlerim, idanuna? Kuma in ɗafe-ɗafen suka yi yawa a kan suna ko aikatau, ban san wanne ke gaba ba. Haddar jadawali ta ishe ni.*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma an bar rabinsa a hanya. Ɗafi ba ruwansa da wasalin tushen kalma sai in shi ne yake manne da tushen. Abin da kowane ɗafi yake dubawa shi ne wasalin ƙarshe da ke gabansa a daidai lokacin da za a liƙa shi, ko wasalin nan na tushe ne ko na wani ɗafin da ya riga shi shiga. Kamar sahun salla ne: kafaɗar na kusa da kai kake daidaitawa da ita, ba ta wanda ke can farkon sahu ba. Saboda haka tambayoyinka biyu a haɗe suke. Sai ka san wa ke bin wa kafin ka san wasalin da kowa zai ɗauka.

Wasulan Turkanci takwas ne, kuma tun da aka koma rubutun boko a 1928 kowannensu yana da harafinsa. Huɗu ana furta su harshe ya ja baya: *a, ı, o, u*. Huɗu kuma harshe ya matso gaba: *e, i, ö, ü*. A cikin takwas ɗin, huɗu ana turo leɓɓa wajen faɗarsu, wato *o, u, ö, ü*. Uku ne baƙi ga bakin Bahaushe. In kana son *ü*, ka ce "i" sannan ka turo leɓɓa ba tare da ka motsa harshe ba. Haka *ö*, "e" ne da leɓɓa a ture. Shi kuwa *ı* marar ɗigo, ka ce "u" sannan ka saki leɓɓan su baje. Kada ka raina ɗigon nan. Wanda kunnensa bai raba *ı* da *i* ba, ko *u* da *ü*, zai yi ta kuskuren ɗafi ko da ya haddace doka, domin dokar a kan sauti take tafiya.

Ɗafe-ɗafen kuma, in ka cire 'yan kaɗan, gida biyu ne. Gida na farko fuska biyu gare shi, *a* ko *e*, kuma tambaya ɗaya tak yake yi: wasalin da ke gabana na baya ne ko na gaba? Ɗafin jam'i a nan yake, *-lar* ko *-ler*. Haka ɗafin "a cikin", *-da* ko *-de*, da na "daga", *-dan* ko *-den*, da na "zuwa", *-a* ko *-e*, da na korewa a aikatau, *-ma* ko *-me*. Gida na biyu fuska huɗu gare shi, domin tambaya biyu yake yi: na baya ne ko na gaba, sannan an turo leɓɓa ko ba a turo ba? Bayan *a* da *ı* sai ya zama *ı*. Bayan *e* da *i* ya zama *i*. Bayan *o* da *u* ya zama *u*. Bayan *ö* da *ü* ya zama *ü*. Ɗafin mallaka na wannan gida ne, haka ɗafin shuɗaɗɗen lokaci, *-dı, -di, -du, -dü*. Don haka in ka haɗu da sabon ɗafi, abin da za ka riƙe shi ne gidansu kawai, ba jadawali ba.

Bakinka ma ya san irin wannan wasan. Mu ma muna cewa masa da mata, amma mini da miki, sannan muku da musu. Wasalin "ma" ya karkata ya bi maƙwabcinsa. Bambancin shi ne namu na dama yake bi, kuma a 'yan wurare ne, nasu kuwa daga hagu zuwa dama yake gudana a kusan kowace kalma.

Yanzu dubi kalmarka. *Göz* ido ne. In ka liƙa masa mallaka kai tsaye, ɗafin yana ganin *ö*, sai ya zama *-üm*: *gözüm*. In jam'i ya shiga tsakani, shi ne yake ganin *ö*, kuma tunda fuska biyu kawai gare shi, sai ya zaɓi *-ler*. Mallaka ta zo ta tarar da *e* a gabanta, ba *ö* ba, sai ta zama *-im*: *gözlerim*. Lura da abin da ya faru: turo leɓɓa ya mutu a kan *-ler*, amma zama na gaba ya wuce. Haka abin yake kullum. Duk inda ɗafi mai fuska biyu ya gitta, ya yanke turo leɓɓa. Gwada da *okul*, makaranta: *okulum*, makarantata, amma *okullarım*, makarantuna. A aikatau ma haka: *gördü*, ya gani, amma *görmedi*, bai gani ba. *Okudu*, ya karanta, amma *okumadı*, bai karanta ba. Ɗalibin da ya rubuta *görmedü* ya tona asirin kansa cewa har yanzu tushe yake leƙe.

Jerin suna ba shi da wuya, kuma ba ya canzawa sai a wuri ɗaya da zan nuna maka. Tushe ne a farko, sai ɗafe-ɗafen da ke ƙirƙiro sabuwar kalma, sai jam'i, sai mallaka, sannan ɗafin da ke nuna matsayin sunan a jimla, irin su "a", "daga", "zuwa". Bari mu gina guda a hankali. *Göz* ya karɓi *-lük* ya zama *gözlük*, tabarau. Ya karɓi ɗafin sana'a ya zama *gözlükçü*, mai sayar da tabarau. Duka biyun 'yan gida na biyu ne, shi ya sa *ü* ya yi ta gudana. Jam'i ya shigo: *gözlükçüler*. Mallakarmu ta biyo, ta ga *e*: *gözlükçülerimiz*, masu sayar da tabaranmu. "Daga" ya rufe, ya ga *i*, wasalin gaba: *gözlükçülerimizden*, daga masu sayar da tabaranmu. Ɗauki wannan jeri ka ɗora a kan tushe mai wasalin baya, *yol*, hanya: *yolcu*, matafiyi ko fasinja, *yolcular*, *yolcularımız*, *yolcularımızdan*. Wuraren zama iri ɗaya ne, wasulan ne suka sauya riga. In ka juya jerin, ka sa "daga" kafin mallaka, Baturke ba zai ma gane kalma ce ba.

Ka ga ɗafin sana'a ya fito *-cu* a *yolcu* amma *-çü* a *gözlükçü*. Wannan aikin baƙaƙe ne, kuma dole a taɓa shi don yana tafiya tare da wasulan. (A rubutunsu *c* shi ne "j" namu, *ç* kuma "c" namu.) Ɗafin da ya fara da *c* ko *d* yana komawa *ç* ko *t* in ya biyo bayan baƙi marar ziza. Baƙaƙen takwas ne, kuma yaran makarantar Turkiyya suna riƙe su da kalmomi biyu, *Fıstıkçı Şahap*, domin baƙaƙen cikinsu su ke nan. Shi ya sa *evde*, a gida, amma *sokakta*, a titi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, *p, ç, t, k* na ƙarshen kalma sukan yi laushi in ɗafin ya fara da wasali: *kitap* ya zama *kitabım*, littafina, *çocuk* ya zama *çocuğum*, ɗana. Gajerun kalmomi masu gaɓa ɗaya da yawa ba sa yin laushin, *top*, ƙwallo, *topum* ne. Sannan Turkanci ba ya son wasula biyu su haɗu a bakin ɗafi, sai ya cusa baƙi tsakani: *araba*, mota, *arabaya*, zuwa mota, *arabası*, motarsa.

Akwai wani *n* da ke rikita sabon ɗalibi. In mallakar "nasa" ta zo kafin ɗafin matsayi, *n* yakan shiga tsakaninsu: *arabası* ya zama *arabasında*, a motarsa. Da *ev* sai abin ya haifar da tagwaye. *Evin* gidanka ne, ka ƙara *-de* ka sami *evinde*. *Evi* gidansa ne, ka ƙara *n* da *-de* ka sake samun *evinde*. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu. In zancen bai fayyace ba, sai su ce *senin evinde* ko *onun evinde*.

Wurin da jerin yake juyawa shi ne sunayen dangi da na mutane, kuma Bahaushe zai fi kowa saurin kama shi. *Dayı* kawu ne, ɗan'uwan uwa. *Dayılarım*, jam'i kafin mallaka, kawunnaina ke nan, mutum biyu ko fiye. Amma *dayımlar*, mallaka kafin jam'i, shi ne abin da muke cewa "su Kawu", shi da iyalinsa. *Dayımlara gidiyorum*, zan tafi gidan su Kawu. *Annemler*, su Inna. Ɗafe-ɗafen ba su canza ba, wurin zamansu ne ya ba da sabuwar ma'ana.

Bayan ɗafin matsayi ma kalmar ba lallai ta ƙare ba. Kana iya ƙara *-ki* ka mai da ita "wanda ke wuri kaza": *evdeki*, wanda ke gida. Shi *-ki* taurin kai gare shi, ba ya sauyawa, ana cewa *okuldaki* duk da wasulan baya sun kewaye shi. Sai a 'yan kalmomin lokaci yake zama *-kü*, kamar *dünkü*, na jiya, da *bugünkü*, na yau. Abin sha'awa shi ne, ko da shi bai bi kowa ba, na bayansa shi suke bi, kuma jerin yana sake farawa daga kansa: *okuldakiler*, waɗanda ke makaranta, *okuldakilerden*, daga waɗanda ke makaranta. Tushe mai wasulan baya ya ƙare da *-ler* da *-den*, kuma ba a karya doka ko ɗaya ba.

Za ka buƙaci wannan tun ranar farko wajen faɗin garinku. Sunan wuri ana raba shi da ɗafin matsayi da ɗan waƙafin sama: *Kano'da, Kano'dan, Katsina'ya, Zinder'de, Maradi'den*. Ɗafin asali kuwa ba a raba shi, kuma fuska huɗu gare shi: *Kanolu, Katsinalı, Zinderli*. Ka ƙara "ni ne" a ƙarshe: *Kanoluyum, Katsinalıyım, Zinderliyim*.

Aikatau ya fi suna wuraren zama, amma tunanin ɗaya ne: abin da ya fi kusa da ma'anar aikin shi ke kusa da tushe, mai aikin kuma shi ke can ƙarshe. Bayan tushe sai ɗafe-ɗafen da ke sauya yadda aikin ke gudana tsakanin mutane, su ma da jerinsu: yin abu da juna, sai sa wani ya yi, sai a yi wa mutum ba a ambaci mai yi ba. Daga nan sai korewa, sai lokaci, sai mutum. Ga kalma guda da ta cika kusan duk wuraren. *Gör-* gani ne. *Görüş-* ganin juna, wato ganawa. *Görüştür-* sa mutane su gana. *Görüştürül-* a sa mutum ya gana da wani. Har nan *ü* ke mulki, don duka ukun 'yan gida na biyu ne. Sai rashin iyawa ya shigo, wanda wasali ne mai fuska biyu tare da korewa, *-eme-*: *görüştürüleme-*. Turo leɓɓa ya mutu a nan. Shuɗaɗɗen lokaci ya ga *e*, ya zama *-di*, sai *-k* na "mu": *görüştürülemedik*, ba a iya haɗa mu mun gana ba. Takwararta mai wasulan baya ita ce *konuşturulamadık*, ba a iya sa mu magana ba. Ka karanta su biyun da ƙarfi, a jere, za ka ji inda leɓɓanka suke sakin jiki a wuri ɗaya. Kuma "sa a yi" kullum yana gaban "a yi wa": *yaptırıldı*, an sa an yi. Ba a juya su.

Inda na fi son ɗalibi ya zauna ya yi nazari shi ne wuraren da Turkanci ya yarda da jeri biyu, kowanne da ma'anarsa. Iyawa ita ce *-ebil-* ko *-abil-*: *gelebilirim*, zan iya zuwa. (Wasalin farko ne kaɗai ke sauyawa, *bil* yana nan yadda yake, don asalinsa aikatau ne mai zaman kansa, "sani". Shi ya sa *yapabilirim*, ba da *ı* ba.) Rashin iyawa kuwa *gelemem*, ba zan iya zuwa ba. To in ka sa korewa kafin *-ebil-*, ka sami *gelmeyebilirim*, wanda ke nufin mai yiwuwa ba zan zo ba. Na farkon ya rufe ƙofa, na biyun ya bar ta a buɗe. Har ma ana haɗa su: *gelemeyebilirim*, mai yiwuwa ba zan iya zuwa ba. In abokinka Baturke ya gayyace ka cin abinci ka ce masa *gelmeyebilirim* alhali kana nufin aiki ya riƙe ka, zai iya ji kamar kana cewa ka ga dama ne.

Haka sharaɗi da shuɗaɗɗen lokaci. *Geldiyse*, lokaci kafin sharaɗi, shi ne "idan ya zo", ba mu sani ba ko ya iso ko bai iso ba. *Gelseydi*, sharaɗi kafin lokaci, shi ne "da ya zo", wato bai zo ba, muna dai cizon yatsa. Hausa ta raba su da kalmomi biyu, Turkanci ya raba su da musayar wuri. Wannan *-di* na biyu, mai zuwa bayan wani ɗafin lokaci, shi ne ke mai da komai baya: *geliyordum*, ina zuwa a lokacin, *gelecektim*, na yi niyyar zuwa, *gelmiştim*, na riga na zo.

Ɗafin "ina cikin yi", *-yor*, shi ne babban tarko. Wasalinsa *o* ba ya motsi ko kaɗan. Wasalin da ke gabansa yana bin tushe da fuska huɗu, *geliyor, alıyor, görüyor, okuyor*, amma duk abin da ya biyo baya *o* yake bi. Don haka *geliyorum*, ina zuwa, *biliyorsunuz*, kun sani, *geliyorlar*, suna zuwa. Kusan kowane sabon ɗalibi sai ya ce *geliyorim*, saboda *e* da *i* na farkon kalmar suna nan a kunnensa. Kuma *-yor* yana matse wasalin *a* ko *e* da ke gabansa ya zama na gida na biyu. Korewa *-me* sai ta koma *gelmiyor*, *görmüyor*, *okumuyor*, sannan *başla-*, farawa, ya ba da *başlıyor*. Nan ne kaɗai za ka ga turo leɓɓa ya tsallake korewa, domin wasalinta ya riga ya sauya gida.

Kalmar tambaya ana rubuta ta a ware, amma tana bin jituwa da fuska huɗu, *mı, mi, mu, mü*, kuma wurinta ya danganta da lokacin. A shuɗaɗɗen lokaci mai *-di*, mutum ne ke gaba: *geldin mi*, ka zo? A sauran manyan lokutan ita ke gaba, mutumin ya manne mata: *geliyor musun*, kana zuwa? *Gelecek misin*, za ka zo? Sai "su", wanda yake riga ta ko a waɗannan lokutan: *geliyorlar mı*. Dalilin shi ne ɗafe-ɗafen mutum kashi biyu ne. Masu bin *-di* da sharaɗi gajeru ne, manne da aikatau, kamar *-k* na *geldik*, mun zo. Sauran kuwa su ne dai na "ni ne, kai ne" da ka gani a *Kanoluyum*, shi ya sa "mu" ya zama *-uz* a *geliyoruz*.

Saura kalmomin aro, kuma da yawa cikinsu tsofaffin saninka ne daga Larabci: *kitap* littafi, *kalem* alƙalami, *haber* labari, *dünya* duniya. A cikin jikinsu wasulan gaba da na baya a cakuɗe suke, har ma da 'yan kalmomin gida irin *anne*, uwa, da *elma*, tuffa. Wannan ba matsala ba ce, ɗafi wasalin ƙarshe yake bi: *kitaplar, kalemler, dünyada*. Masu karya doka da gaske su ne wani rukuni da wasalinsu na ƙarshe na baya ne amma suke karɓar ɗafin gaba. *Saat*, awa ko agogo, jam'insa *saatler*. *Harf*, harafi, *harfler*. *Kalp*, zuciya, *kalbim*. *Dikkat*, lura, *dikkatli*. Mafi yawansu masu ƙarewa da *l* ne, daga Larabci ko Faransanci, domin Turkanci yana da *l* iri biyu a baki, mai kauri da mai laushi, ko da yake harafi ɗaya ake rubutawa. *Yol* da *kol*, hannu, *l* ɗinsu mai kauri ne, sai *yolu, kolu*. *Gol* na ƙwallon ƙafa da *petrol* mai laushi ne, sai *golü, petrolü*. A nan ba na ba ka shawarar neman doka, domin *hayat*, rayuwa, shi ma Balarabe ne mai ƙarewa da *-at*, amma *hayatı* ake cewa. Ƙamusun hukumar harshen Turkanci, Türk Dil Kurumu, wadda aka kafa a 1932, yana nuna maka a gefen kalma: za ka ga *saat, -ti* da *rol, -lü* da *kitap, -bı*. 'Yan haruffan nan suna gaya maka abu biyu a lokaci guda, ko baƙin ƙarshe zai yi laushi, da kuma wasalin da ɗafin farko zai ɗauka. Ka riƙa rubuta sabuwar kalma a littafinka tare da su. Daga ɗafin farko zuwa gaba kuwa kalmar ta koma kan hanya: *saat, saatler, saatlerimiz, saatlerimizden*.